Na danna Ctrl+A mutumina ya ɓace, a Unity kuma sandarsa ta fi gida girma

Sadiq_3D

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana biyu ke nan ina fama da abu ɗaya, kaina har ya fara ciwo. Na ƙera wani dattijo mai babbar riga a Blender saboda ɗan gem da nake haɗawa, tsayinsa mita 1.75. Na kai shi Mixamo aka sa masa ƙasusuwa, na sauko da shi a FBX tare da motsin tafiya. Da na shigo da shi Blender don in gyara hammatar rigar, sai na ga `Armature` yana da `Scale` 0.01 da `Rotation X` 90. Na taɓa gani a wani bidiyo cewa kada a bar waɗannan lambobin haka, shi ya sa na zaɓi komai na danna `Ctrl+A` na zaɓi `All Transforms`. Lambobin suka koma 1 da 0, na ji daɗi. Ina kunna motsin, dattijo ya ɓace ɓat. Sai da na ja baya sosai na hango shi can nesa yana hawa yana sauka kamar shirwa.

Na ce bari dai in gwada a Unity ko can zai daidaita. Can ma gudun yake yi. Ƙari a kan haka `Armature` ya zo da `Scale` 100 da `Rotation X` -89.98, kuma da na sa masa sanda a hannu sandar ta rufe filin gaba ɗaya. Ina na yi kuskure don Allah?

Abba_Gem

Wa alaikumus salam. Wannan ai mai sauƙi ne. Danna fayil ɗin a Unity, je shafin `Model`, mayar da `Scale Factor` 0.01, ka danna `Apply`. Ɗari sau 0.01 ɗaya ke nan. Shi ke nan.

Sadiq_3D

Na gwada yanzu, Malam Abba. Dattijo ya koma kamar tururuwa, amma `Armature` yana nan a 100 bai motsa ba.

Maman_Ilham

Mayar da shi 1 tukuna, ƙanena. Jikin dattijon ai girmansa daidai yake tun farko, ba shi ne matsalar ba. `Scale Factor` tsawo yake ragewa, wato nisan da ke tsakanin ɗigon jiki da ɗigon jiki, da nisan ƙashi da ƙashi. Ba ya taɓa lambar da ke rubuce a `Scale` na `Armature`. Shi ya sa ka ga mutumin ya ƙanƙance ita kuma ɗarin tana zaune.

Matsala biyu ce a hannunka, kana kallonsu kamar ɗaya. Gudun da yake yi, a Blender ka jawo shi lokacin da ka danna `Ctrl+A`. Ɗarin da ta kumbura sanda kuma wajen fitarwa ta shigo. Kafin mu ci gaba yi mini abu ɗaya: a Blender shiga `Pose Mode`, zaɓi `mixamorig:Hips`, buɗe `Graph Editor`, ka faɗa mini daga nawa zuwa nawa `Z Location` yake tafiya.

Sadiq_3D

Anti, daga 0 ya tashi ya kai 163 da ɗoriya a ƙarshen motsin. Na `Y` kuma yana yawo tsakanin -2 da -6.

Maman_Ilham

Madalla, ga ɓarawon nan. FBX a asalinsa da santimita yake ƙirga, Mixamo ma haka yake fitarwa. A wurinsa dattijonka tsayinsa 175 ne, kuma taku biyun da ya yi sun kai shi gaba da 163. Blender kuwa kowace 1 mita ce a wurinsa. Da ya shigo da fayil ɗin bai bi ƙasusuwa ɗaya bayan ɗaya yana sauya lambobinsu ba. Abin da ya yi shi ne ya bar su yadda suke, ya ɗora 0.01 a kan uwarsu, wato `Armature`. To 163 sau 0.01 ya ba da mita 1.63, tafiyar dattijo ta hankali. Haka 90 ɗin nan take: a fayil ɗin sama `Y` ne, a Blender sama `Z` ne, sai ya tayar da `Armature` tsaye da juyi ɗaya maimakon ya sake rubuta komai.

Kai da ka danna `Ctrl+A`, Blender ya ɗauki 0.01 ɗin ya shigar da ita cikin tsawon ƙasusuwan, suka koma ƙanana da gaske. Amma bai taɓa lambobin motsi ba. 163 tana nan, sai dai yanzu babu mai rage ta. Mita 163 yake tafiya a taku biyu, yana kuma hawa da sauka na mita huɗu. Shirwar da ka gani ke nan.

Ka lura hannaye da ƙafafu ba su karkace ba? Juyawa ba ta da ruwa da ma'auni, digiri 30 digiri 30 ne ko a mita ko a santimita. `Location` kaɗai ya lalace.

Yakubu_Zane

Ni dai a ganina gudun motsi ne. Mixamo hoto 30 yake bayarwa a daƙiƙa, Blender kuma 24 yake farawa da shi. Na taɓa shan wahalar wannan.

Sadiq_3D

A'a Malam Yakubu, ba sauri yake yi ba, nisa yake yi. Ƙafafun suna taku a daidai lokacinsu.

Yakubu_Zane

To na fahimta, afuwan. Amma tunda ana maganar ma'auni bari in faɗi nawa. Ni zanen gine-gine nake yi a 3ds Max, kuma wata rana na aika wa wani yaro gida a FBX ya kira ni wai ƙofa ta yi wa mutuminsa kaɗan, ko kafaɗarsa ba ta kai ba. Ba sau ɗari ba ne, kusan sau biyu da rabi ne. Ashe `System Unit Setup` nawa yana kan inci, ni kuma a `Display Unit Scale` kawai na sa santimita, shi kuma can ya ɗauki lambobin a matsayin santimita. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Tun ranar idan abu ya zo ba daidai ba, raba girman da ya zo da shi nake fara yi da girman da ya kamata. In na ga 100 ko 0.01 na san rigimar mita da santimita ce, in na ga 2.54 ko 39.37 na san inci ne ya shigo.

Hafsat.k

Wannan dabarar rabawar ta yi, Baba Yakubu. Ni akwatin Unity nake ajiyewa kusa da duk abin da na shigo da shi. `Cube` na Unity mita 1 ne, `Capsule` mita 2. A kula dai, akwatin da Blender yake buɗewa da shi mita 2 ne, ba 1 ba. Na taɓa ɓata rabin yini ina neman inda "sau biyu" ya fito.

Sadiq_3D

To Anti @Maman_Ilham yanzu ya zan yi? In sake saukowa da shi daga farko? Na riga na yi gyaran rigar wajen awa uku, ba na son ya tafi a banza.

Maman_Ilham

Ba sai ka sake ba. Abin da Blender bai yi ba kai za ka yi masa da hannu, ka rage lambobin `Location` sau ɗari. A `Pose Mode` danna `A` ka zaɓi duk ƙasusuwan. A `Graph Editor` rubuta `Location` a wurin bincike don layukan juyawa su ɓuya, wannan shi ne matakin da in ka tsallake za ka yi kuka. Sai ka mayar da `Pivot Point` zuwa `2D Cursor`, ka danna `N` ka tabbatar ƙimar `Cursor` ɗin tana kan 0. Zaɓi duk ɗigon da ke kan layukan, ka danna `S`, `Y`, ka rubuta `0.01`, ka danna `Enter`. Ka duba kuma `Normalize` a kashe yake.

Dalilin `2D Cursor` shi ne kana son kowace lamba ta matso kusa da sifiri. In ka bar shi a tsakiyar abin da ka zaɓa, za su taru ne a kusa da 80, dattijo ya daina gudu amma ya tsaya can nesa da inda ya kamata.

Abba_Gem

Duk wannan wahalar ta mene ce? A tagar fitarwa ta Blender akwai `Apply Transform`. Ka sa masa alama kawai, yana gyara juyin da girman a lokaci guda. Ni da shi nake fitar da komai, ban taɓa ganin -90 ba.

Hafsat.k

Yaya Abba, me kake fitarwa da shi? In kujeru ne da bishiyoyi, gaskiyarka. Amma ɗora linzami a kan wurin ka karanta abin da Blender da kansa ya rubuta. Akwai alamar gargaɗi a gefensa, kuma ya faɗa ƙarara cewa yana lalata ƙasusuwa da motsi. Ni na gwada a kan wata akuya mai ƙashi goma sha takwas, ta iso Unity kai a ƙasa, fata a gefe guda ƙasusuwa a gefe guda.

Abba_Gem

Haka ne kam, motoci da shaguna nake yi, ban cika taɓa masu ƙashi ba. Na janye rabi.

Sadiq_3D

Alhamdu lillahi! Gudun ya tsaya. Yanzu `Z Location` yana ƙarewa a 1.63 kuma yana tafiya kamar mutum. Allah ya saka da alheri Anti. Saura sandar. Na sake fitarwa, har yanzu 100 da -89.98.

Maman_Ilham

Amin. Yanzu duba `Apply Scalings` a tagar fitarwa, na san `All Local` za ka gani, don da shi yake zuwa. A wannan zaɓin Blender yana rubuta wa fayil ɗin cewa ma'auninsa santimita ne, sannan don kada mutum mai 1.75 ya zama santimita 1.75, sai ya ɗora 100 a kan abubuwan da ke saman jeri. Unity ya karanta, ya ga santimita, ya rage tsawo da 0.01 (za ka ga hakan a rubuce a gefen `Convert Units`), ita kuma ɗarin ya bar ta inda ya same ta. A ido komai daidai, domin ƙaramin jiki ne aka hura sau ɗari. Sandarka kuwa ba ƙarama ba ce, cikakkiyar mita ɗaya da rabi ce, ka sa ta ƙarƙashin ƙashin hannu ta gaji ɗarin uwarsa. Mita 150.

Mayar da shi `FBX All`. Sai ya rubuta a kan fayil ɗin cewa ma'aunin mita ne, ya bar `Armature` a 1. `FBX Units Scale` ma daidai yake da shi matuƙar `Scale` na tagar yana kan 1.00.

Abin dariyar shi ne, da ba ka taɓa komai ba tun farko, da ba ka ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Lissafa: Mixamo ya zo da 0.01, `All Local` ya ninka da 100, ya zama 1. Ya zo da 90, fitarwa ta cire 90 don mayar da sama `Y`, ya zama 0. Lambobin da ka ga kamar datti ne, su ne kuɗin motar komawa gida.

Sadiq_3D

Kai! Wato ni na ɓata abin da yake daidai. To amma me ya sa kowa yake cewa a danna `Ctrl+A`?

Baban_Walid

Saboda shawara ce mai kyau a inda ta dace. In kai ka gina ƙasusuwanka a Blender, kafin ka sa ko motsi ɗaya, lallai ka danna shi. Bayan an sa motsi ne ya zama tarko. Masu bidiyon ba sa faɗin wannan rabin.

Kuma in ƙara a kan maganar Hajiya, kada wani ya karanta ya tafi da "`FBX All` shi ne daidai" a kowane hali. In ka bar `Armature` a 0.01 ka fitar da `FBX All`, 0.01 ɗin za ta bi ka har Unity, sandar ta koma tsinken sakace. Wanda ya bar lambobin Mixamo ya zauna a `All Local`. Wanda ya goge su ya koma `FBX All`. Haɗa ɗaya da ɗaya ne yake kawo rigima.

Dan_Damagaram

Sannunku da aiki. Ni Unreal nake amfani da shi, can kuma 1 santimita ce kamar Maya, sama kuma `Z` ne kamar Blender. Ɗarin nan ta ci mini tuwo a ƙwarya ba sau ɗaya ba: mutum ya shigo da girmansa daidai, amma ƙashin tushe yana ɗauke da 100, duk abin da ka maƙala a `Socket` ya kumbura, `Physics Asset` ma ya fito a hargitse.

Abin da nake yi yanzu, kafin in shigo da komai Blender, ina zuwa `Scene Properties`, ƙarƙashin `Units`, in mayar da `Unit Scale` 0.01. Daga nan Blender ma da santimita yake ƙirga. In na shigo da fayil ɗin Mixamo, `Armature` yana zuwa da `Scale` 1 kai tsaye, 163 tana nufin santimita 163, babu abin gogewa babu abin ragewa. Me zai hana ɗan'uwa Sadiq ya bi wannan hanyar?

Maman_Ilham

Hanya ce mai kyau, kuma da sabon aiki zai fara ita zan nuna masa. Amma nasa ya riga ya koma mita. In ya sauya `Unit Scale` yanzu sai ya hura komai sau ɗari, ya sake `Ctrl+A`, ya sake ninka layukan da ya gama ragewa. Ya koma gidan jiya.

Kuma tana da nata harajin. Dole ka ɗaga `Clip End` na kallo da na kyamara, in ba haka ba abu ya riƙa yankewa in ka ja baya. Ni kuma duk lokacin da na gwada kwaikwayon yadi a irin wannan fagen sai na sake saita lambobinsa kaf. Shi da yake da babbar riga, ban sani ba ko zai so hakan.

Dan_Damagaram

Gaskiya ne Hajiya, na `Clip End` ɗin ya taɓa ruɗa ni, na zaci fayil ɗin ne ya zo babu komai. Wani abu kuma ga masu Unreal: ku bar sunan `Armature` yadda yake. In sunan ke nan Unreal yana jefar da shi ya ɗauki ƙashin farko a matsayin tushe. In kun sauya masa suna sai ya zama ƙarin ƙashi a sama, motsin da kuka fitar da tsohon suna ya ƙi hawa.

Musty99

Ni tambayata daban ce, don Allah. Nawa yana shigowa fari fat babu launi. Shi ma ma'aunin ne?

Hafsat.k

A'a Musty, naka hotunan fata ne ba su biyo fayil ɗin ba. Buɗe sabon zare mu duba, kada mu cakuɗa wa Sadiq nasa.

Sadiq_3D

`FBX All` ya yi aiki, `Scale` ya koma 1, sanda ta dawo sanda. Saura -89.98. Abin da ya fi damuna ma, me ya sa ba -90 cif ba? Ko akwai ɗan karkata a mutumin ne?

Baban_Walid

Babu karkatar da ta fito daga aikinka. Unity ba da digiri uku yake ajiye juyi ba, da lambobi huɗu yake ajiyewa, sai in zai nuna maka ya mayar da su digiri. A daidai 90 na `X` lissafin mayarwar yana zama a kan gaɓa, shi ya sa kake ganin wannan guntun. Duk mai fitarwa daga Blender ya san -89.98.

Tambayar da ta fi ita ce, tana hana ka wani abu? Juyin a kan `Armature` yake, shi kuma ɗa ne. Uban da ke sama, wanda `Animator` yake kai kuma wanda za ka riƙa tuƙawa, yana kan 0. Dattijo yana tsaye, yana kallon `Z`. Ni a ayyukana barinta nake yi.

Hafsat.k

Ni ba na barinta, Baba. Ranar da ka rubuta wani abu da yake karanta `transform.forward` na abin da ke ɗauke da juyin, sai ka tarar gabansa sama yake kallo. Sanya alama a `Bake Axis Conversion` a shafin `Model` ya fi, tun Unity 2020 yake nan. Yana shigar da juyin cikin jikin da motsin kansu.

Abba_Gem

Na taɓa sa wa wata mota shi, -90 ta tafi amma motar ta juya mini baya. Sai da na koma Blender na yi ta wasa da `Forward` kafin ta daidaita, kuma wallahi yanzu ba zan iya tuna wanne na zaɓa ba.

Hafsat.k

Motar ina take kallo a Blender? In ka danna `1` a faifan lambobi ya kamata ka ga fuskarta, wato tana kallon `-Y`. Mutane da yawa suna ƙera mota tana kallon `+Y`.

Abba_Gem

Fuskarta nake gani. Shi ya sa abin ya ba ni mamaki.

Maman_Ilham

Ni ma na ga ya yi wa wasu daidai ya juya wa wasu, kuma ban zauna na bi diddigin wane haɗin `Forward` da `Use Space Transform` ne yake jawo hakan ba, don haka ba zan yi rantsuwa a kai ba. Abin da na saba yi ya fi wannan tsufa. Tunda fitarwa tana cire 90, sai in ba ta 90 ɗin da za ta cire. Da Sadiq ya tambaye ni tun farko, da na ce a `Ctrl+A` ya zaɓi `Scale` kaɗai ya bar juyin. Yanzu ma bai ɓaci ba: a `Object Mode` zaɓi `Armature` da jikin, `R` `X` `-90`, sai `Ctrl+A` ka zaɓi `Rotation`, sannan `R` `X` `90` ka bar shi haka kada ka goge. A ido bai motsa ba, amma yanzu yana ɗauke da 90, a Unity zai sauka a 0.

Goge juyi ba ya lalata motsin ƙasusuwa yadda goge girma ya yi, domin kowane ƙashi yana auna motsinsa ne daga yadda shi kansa yake kwance. Sai fa in akwai motsi a kan `Armature` ɗin kansa, to wannan zai mayar da tsohon juyin da zarar ka kunna. Ajiye kwafi kafin ka fara.

Sadiq_3D

Na yi, ya sauka a 0 da 1. Har na fara murna sai ga wata sabuwa. Na sauko da motsin gudu da na zama, na shigo da kowanne a sabon fayil na Blender na rage tsawon lokacinsu, na fitar. Wannan karon ban taɓa `Ctrl+A` ba tunda an ce tarko ne, kuma na bar `All Local` kamar yadda Baban Walid ya ce. A Unity tafiya lafiya lau, amma da ya sauya zuwa gudu sai jikin ya wargaje, ba ka gane kai ba ka gane ƙafa.

Baban_Walid

To ai ka haɗa ɗaya da ɗayan da na ce, sai dai a fayil biyu. Kowannensu shi kaɗai lafiyarsa ƙalau. Amma jikin an ɗaure shi ne a kan ƙasusuwan da aka goge, gudun kuma an yi shi a kan waɗanda ba a goge ba, ta wata hanyar fitarwa daban. A `Rig` me ka zaɓa, `Generic`?

Sadiq_3D

E, `Generic`.

Baban_Walid

`Generic` ba ya tunani. Sunan ƙashi yake bi ya zuba masa lambobin da ke cikin motsin, wuri da juyi da girma, ko sun dace da jikin ko ba su dace ba. Buɗe fayil ɗin jikin da na gudun gefe da gefe a fage, ka kwatanta `Transform` na `Armature`, na `mixamorig:Hips`, da na ƙashi ɗaya na ƙafa. In dai za su yi aiki tare dole lambobin su zama kusan ɗaya. Duk inda ka ga bambanci, nan ne.

Sadiq_3D

`Armature` iri ɗaya ne a duka biyun. `Hips` ma wurinsa kusan ɗaya. To ina bambancin?

Maman_Ilham

Hm. In wurin ɗaya ne to ba girma ba ne wannan karon, kuma ya kamata a ce sun yi kusa haka tunda duka biyun sun sauka a 1 da 0. Duba juyin ƙasusuwan. Lokacin shigo da na farko ka sa alama a `Automatic Bone Orientation`?

Sadiq_3D

Innalillahi. Na sa a na farko don ƙasusuwan sun fi kyan gani. A sababbin na manta.

Maman_Ilham

Shi ne. Wannan zaɓin yana sauya inda kowane ƙashi yake ɗauka a matsayin gabansa da samansa, to juyin da aka rubuta wa wancan ba zai zauna a kan wannan ba. Baban Walid ya kama hanya, ƙofar ce kawai daban. Sake shigo da su da alamar, amma wannan karon cikin fayil ɗin dattijon, ka ɗora kowane `Action` a kan `Armature` ɗinsa, ka goge waɗanda suka zo da su, ka fitar gaba ɗaya a fayil guda. Sababbin za su zo da lambobin santimita, sai an rage su kamar na farko. In suna da yawa ga gajeren rubutu, ka sa sunayen waɗanda ba a rage ba kaɗai:

```python
import bpy
for suna in ["Gudu", "Zama"]:
    for fc in bpy.data.actions[suna].fcurves:
        if fc.data_path.endswith(".location"):
            for k in fc.keyframe_points:
                k.co.y *= 0.01
                k.handle_left.y *= 0.01
                k.handle_right.y *= 0.01
```

Sau ɗaya tak za ka kunna shi. In ka maimaita, mita 1.63 ta koma ƙasa da santimita biyu, ka ga mutum yana taku a wuri ɗaya ƙafa tana sulɓi.

Musty99

Na kwafa don gaba, amma a nawa ya ce `'Action' object has no attribute 'fcurves'`.

Maman_Ilham

Kana kan Blender 5 ke nan. Ni 4.2 nake kai. Sun sauya tsarin `Action` tun 4.4, a 5.0 kuma suka cire tsohuwar hanyar. Layukan yanzu suna cikin `layers[0].strips[0].channelbags`, kowanne da nasa `fcurves`. In ba ka son rubutu, hanyar `Graph Editor` tana nan ba ta sauya ba.

Abba_Gem

Ni fa har yanzu ban ga dalilin da zai hana shi zaɓar `Humanoid` ya huta ba. Mutum ne mai hannu biyu da ƙafa biyu. Ya jefa motsin Mixamo kai tsaye cikin Unity ba tare da ya bi ta Blender ba.

Baban_Walid

A nan kam ka yi gaskiya, Abba. `Humanoid` ba ya kwafe lambobi, yana fassara motsin ne zuwa lanƙwasar gaɓoɓin ɗan Adam sannan ya ɗora wa kowane jiki daidai tsayinsa, don haka duk wannan rigimar ba ta shafe shi. In ya ɗan kauce wajen fuskanta akwai `Offset` a ƙarƙashin `Root Transform Rotation`.

Hafsat.k

Sai dai rigar. Sadiq, ka ƙara wa hannun rigar ƙasusuwa ko? `Humanoid` bai san su ba, sai ka je `Mask` ka sa musu alama ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin `Transform`, kuma su ɗin lambobinsu yake kwafewa kamar `Generic`. Motsin da ya zo kai tsaye daga Mixamo kuwa ba shi da su sam, rigar za ta tsaya ƙiƙam yana gudu.

Sadiq_3D

Guda shida na ƙara, uku a kowane hannu, kuma naɗe rigar a kafaɗa shi ne rabin abin da ya sa na yi dattijon. Zan zauna a `Generic` tukuna. Na sake shigo da gudun da alamar, na rage shi, yana aiki. Na zaman ne ya rage, yana zama amma kamar taƙi ɗaya sama da kujerar. Ban sani ba ko kujerar ce gajera ko wani abu na sake taɓawa. An ɗauke wuta, batirin saura kashi goma sha ɗaya, gobe zan auna kujerar da akwatin Hafsat.

Dan_Damagaram

Kafin ka zargi kujera, duba ko motsin zaman a kan dattijonka ka sauko da shi ko a kan mutumin Mixamo. In tsayin ƙugunsu ba ɗaya ba ne, taƙin nan daga can yake.